Idan satifiket a fili yake, me ya hana ɓarawo ya kwafe shi?

Tambaya: "Malam, na danna alamar da ke gefen adireshi a burauza, na ga satifiket ɗin shafin gaba ɗaya, har ma akwai wurin sauke shi. To idan kowa na iya samunsa, me zai hana ɓarawo ya kwafa ya ɗora a tasa sabar, ya ce shi ne shafin? Kuma a ina ɓoye bayanan yake shigowa?"

Amsar da aka bayar da murya, ga ta a rubuce:

Assalamu alaikum jama'ar gida. To ɗan'uwa, babu abin da zai hana shi kwafa. Ya kwafa sau dubu ma. Sai dai kwafin ba zai yi masa amfanin komai ba, kuma dalilin yana cikin gaisawar da burauzarka take yi da saba kafin a aika ko harafi ɗaya na shafin. Tsarin da ake bi a gaisawar nan don kare zance tsakanin burauza da saba shi ake kira TLS. Zan yi magana ne a kan TLS 1.3, wanda aka fitar a 2018, domin shi ne yawancin manyan shafuka suke aiki da shi yanzu.

Aiki biyu ake yi a gaisawar nan, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Akwai samar da mabuɗin da ku biyu, kai da saba, kaɗai kuka sani, akwai kuma tabbatar da cewa wanda kuka yi mabuɗin tare da shi, shi ne mai shafin na gaskiya. Bari in fara da na farkon.

Ka rubuta example.com ka danna. Burauzarka ce take fara magana, ta aika saƙon da ake kira ClientHello. A ciki tana cewa ga irin TLS ɗin da na iya, ga hanyoyin ɓoye bayanai da na sani, ga sunan shafin da nake nema. Sannan ta haɗa da wata lamba, wadda ita ce rabinta na mabuɗi. Saba ta mayar da ServerHello, ta zaɓi hanya ɗaya, ita ma ta turo nata rabin. Duk wannan a fili ake yin sa, mai Wi-Fi ɗin da kake kai yana iya gani. Amma duk da haka, ku biyu kuna fitowa da lamba ɗaya wadda shi bai sani ba.

Dabarar ta Diffie da Hellman ce, tun 1976. Bari in yi ta da ƙananan lambobi, wanda yake da biro ya bi ni. Mun yarda a fili a kan lamba biyu, 17 da 3. Burauza ta zaɓi 4 a ranta, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ninka 3 da kansa sau huɗu, ya ba ta 81, ta raba da 17, saura 13. Wannan 13 ɗin take aikawa. Saba kuma ta zaɓi 6 a ɓoye, ta ninka 3 da kansa sau shida, ya zama 729, ta raba da 17, saura 15, ta aiko da shi. Yanzu burauza ta ɗauki 15 ta ninka da kansa sau huɗu, wato da lambarta ta sirri, ta samu 50625, ta raba da 17, saura 16. Saba ta ɗauki 13 ta ninka da kansa sau shida, ta raba da 17, ita ma saura 16. Ka gani? Mai leƙe ya ga 17, ya ga 3, ya ga 13 da 15, amma 16 bai taɓa bi ta waya ba. Da ƙananan lambobi irin waɗannan zai iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya ya gano. Na ainihin kuwa, irin hanyar da ake kira X25519, lissafinsa ya ɗan bambanta amma ra'ayin ɗaya ne, kuma lambar sirrin baiti 32 ce. Babu kwamfutar da ake da ita yau da za ta iya lalubo ta da gwaji.

Daga wannan lambar ake fitar da mabuɗan da za su kulle sauran zancen. Shi ya sa a TLS 1.3, duk abin da ya biyo bayan ServerHello a rufe yake tafiya, har shi kansa satifiket ɗin.

To amma ka lura da abu ɗaya, kuma nan ne nake so kowa ya kasa kunne. Har zuwa nan ba mu san da wa muka yi wannan lissafin ba. Idan wani ya tsaya a tsakani, zai iya tare ClientHello ɗinka, ya amsa maka kamar shi ne saba, ku yi mabuɗi tare. Sannan ya juya ya yi wani mabuɗin daban da sabar ta gaskiya. Kai kana ganin komai a kulle, kuma wallahi a kulle yake, sai dai da ɓarawon kuka kulle. Yana buɗe saƙonka, ya karanta, ya sake rufewa ya miƙa gaba. Ɓoye bayanai shi kaɗai bai kare ka daga wannan ba.

Nan satifiket yake shigowa. Abin da ke cikinsa ba shi da yawa: sunayen shafukan da aka ba shi dominsu, ranar da ya fara aiki da ranar da zai ƙare, mabuɗin fili na mai shafin, sai sa hannun hukumar da ta bayar. Mabuɗin filin nan yana da abokin tafiya, mabuɗin sirri, wanda yake zaune a kan sabar mai shafin, ba ya cikin satifiket, ba a kuma aika shi ko'ina. Duk abin da aka sa wa hannu da na sirrin, kowa na iya tabbatar da shi da na filin, amma daga na filin ba a iya ƙirƙiro na sirrin.

Saboda haka bayan saba ta turo satifiket, sai ta biyo shi da wani saƙo mai suna CertificateVerify. Wannan shi ne amsar tambayarka kai tsaye. Saba tana tattara duk abin da kuka faɗa wa juna a wannan gaisawar, tun daga ClientHello ɗinka, da rabin mabuɗinka, da nata rabin, ta taƙaita shi, ta sa masa hannu da mabuɗinta na sirri. Burauzarka kuma ta ciro mabuɗin fili daga satifiket ta duba sa hannun. Ɓarawon da ya kwafi satifiket ya zo nan ya maƙale, domin ba shi da abin da zai sa hannu da shi. Kamar wanda ya yi hoton katin shaidar wani ne, aka ce to ɗora yatsanka mu gani.

Wani zai ce, to ya je wurin sabar gaskiya ya karɓo sa hannunta ya miƙo maka mana. Ba zai yiwu ba. Sa hannun da zai karɓo na gaisawar da ya yi da ita ne, da lambobinsa a ciki. Gaisawar da ya yi da kai lambobinta daban ne, don haka burauzarka tana dubawa za ta ga bai dace ba, ta yanke. Haka nan sa hannun jiya ba ya aiki yau, domin kowace gaisawa da sababbin lambobinta. Ni a ganina wannan ɗaurin, na sa hannu a kan ainihin lissafin mabuɗin, shi ne ginshiƙin TLS gaba ɗaya. Daga nan kowane ɓangare ya aika Finished, don a tabbatar ba a taɓa ko saƙo ɗaya a hanya ba, sai shafin ya fara zuwa.

Hanya ɗaya ta rage wa ɓarawo: ya yi nasa mabuɗan, ya rubuta nasa satifiket da sunan example.com a kai. Yin sa minti ɗaya ne. To amma wa zai sa masa hannu? Wayarka ko kwamfutarka ta zo da jerin hukumomin da aka yarda da su, ana ce musu tushe. Satifiket ɗin shafi yawanci wata hukuma ta tsakiya ce take sa masa hannu, ita kuma tushe ne ya sa mata. Burauza tana bin sarƙar nan har ta kai ga tushen da ke cikin jerinta. Misali hukumar Let's Encrypt, tana da tushen da ake kira ISRG Root X1, kuma kafin ta ba ka satifiket sai ka nuna kai ne ke riƙe da sunan shafin, ta hanyar ajiye wani fayil da ta ce a sabarka, ko wata shigarwa a DNS, wato rajistar da ke haɗa sunan shafi da sabarsa. Ɓarawo ba zai iya hakan ba idan shafin ba a hannunsa yake ba.

Wanda yake so ya gani da idonsa, ya buga wannan a terminal, wato wurin rubuta umarni a kwamfuta, zan rubuto shi a ƙasa:

```
openssl s_client -connect example.com:443 -servername example.com
```

Duba inda aka rubuta Certificate chain, za ka ga sarƙar a jere, kowane da wanda ya sa masa hannu.

Idan abu ya lalace kuma, gargaɗin yana faɗa maka wane mataki ne ya faɗi. A Chrome, NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID na nufin sarƙar ba ta kai ga tushen da aka sani ba. Yana iya zama mai shafi ne ya sa wa kansa hannu, ko ya manta bai haɗa satifiket na tsakiya ba, yana kuma iya zama wani ne a tsakani. NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID kuwa, satifiket ɗin na wani sunan ne daban da wanda ka nema. Shi kuma NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, ko dai wa'adi ya ƙare, ko agogon na'urarka ne ya ɓace. Idan kowane shafi ka buɗe sai ka gan shi, fara da duba agogonka. Don Allah idan shafin da za ka sa kalmar sirri ne ko harkar kuɗi, kar ka danna ci gaba a kan waɗannan gargaɗin, domin dannawar tana nufin ka yafe binciken nan da muka yi ta bayani.

Tsarin yana da inda yake da rauni, kuma ya kamata a faɗa. Idan aka shiga sabar aka sace mabuɗin sirrin kansa, to ɓarawo ya samu abin sa hannu, zai iya yin sojan gona har sai an soke satifiket ɗin ko wa'adinsa ya cika. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake rage tsawon wa'adi, Let's Encrypt ta daɗe tana bayar da na kwana 90. Amma ko da ya sace, zancen da kuka yi a baya ba zai buɗu masa ba, ko da ya naɗe shi ya ajiye, domin lambobin nan irin 4 da 6 ana zubar da su bayan kowace gaisawa. A tsohuwar hanyar musayar mabuɗi da ake kira RSA ba haka ba ne, satar mabuɗi ɗaya tana buɗe duk abin da aka naɗa, shi ya sa TLS 1.3 ya cire ta.

Ita ma hukumar ana iya cin ta. A 2011 an kutsa cikin DigiNotar ta ƙasar Holan, aka fitar da satifiket na bogi da sunan Google, aka yi amfani da shi a kan mutane a Iran. Masu burauza suka cire ta daga jerin amintattu, kamfanin ya durƙushe. Bayan haka aka kawo tsarin rubuta kowane satifiket da aka bayar a rajistar da kowa ke iya dubawa, mai shafi ya je crt.sh ya ga ko an fitar da wani da sunansa ba da saninsa ba.

Abu na ƙarshe, satifiket suna kawai yake tabbatarwa. Idan ɗan damfara ya yi rajistar suna mai kama da na bankinka, ya sauya harafi ɗaya, zai samu satifiket halastacce na wannan sunan nasa, gaisawa ta tafi lafiya lau, babu gargaɗin da zai fito. Karanta adireshin da ke saman burauza harafi bayan harafi kafin ka sa kalmar sirri, wannan aikin naka ne, TLS ba ya yi maka shi. Wassalamu alaikum.