Yadda ake daidaita riba a Betfair bayan farashi ya faɗi

A Betfair, dandalin cacar wasanni, Back shi ne cacar cewa ƙungiya za ta ci, Lay kuma cacar cewa ba za ta ci ba. Wani ya tambaya:

"Na yi Back na fam 10 a 3.0, yanzu farashin ya koma 2.5. Nawa zan sa a Lay ribata ta zama ɗaya ko ƙungiyar ta ci ko ba ta ci ba?"

Fam 12 za ka sa. Ninka kuɗin Back da farashinsa, ka raba da farashin Lay:

```
10 × 3.0 ÷ 2.5 = 12
```

In ƙungiyar ta ci, Back ya kawo maka fam 20, Lay ya cinye 18, saura 2. In ba ta ci ba, goma ta tafi, 12 ta shigo, saura 2 ɗin dai. Shi ya sa kowane sakamako ke nuna kore, alamar riba, a allo. Daga nan a cire kwamishan. In 5% ne, fam 1.90 ya rage.

Inda mutane ke faɗawa shi ne zaton an gama alhali ba a karɓi Lay ɗin duka ba. Duba ko akwai saura a Unmatched, domin da an jefa ƙwallo ake dakatar da kasuwa, kuma yawanci a soke abin da ba a karɓa ba.

In farashin hawa ya yi zuwa 4.0, lissafin zai ba ka Lay na 7.50, asarar 2.50 ta kowane gefe. Gara ka karɓe ta da wuri. Wanda ya ga yana ƙara kuɗi don maido da asara, ya tuntuɓi GamCare, ƙungiyar Birtaniya mai taimaka wa masu matsalar caca.