Saye da sefa, sayarwa da naira: ina za a sa canji a cikin rahoto?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni ka riƙe ma kawuna lissafi a Excel, shina saro atamfa a Konni da sefa ya kawo Sakkwato ya sayar da naira. Na sa canji a akwati guda, amma duk ranar da na gyara shi sai ribar watan jiya ita ma ta canza, kawu ya ce bai yarda da rahoton ba. Mi zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kawu na da gaskiya, kayan da aka riga aka biya kuɗinsu ya tsaya cak, canjin yau bai da hurumin taɓa shi. Kowane sari sai ya samu nashi canjin a kan layinshi, ka rubuta da hannu ranar da aka yi, kar ka sake komawa kai.

Ka jera kolum haka: A kwanan wata, B kaya, C kuɗin sari da sefa, D canjin ranar wato naira nawa aka ba da kan sefa dubu, E sarin da naira, F kuɗin mota da lodi daga Illela zuwa shago, G abin da aka sayar, H riba. E da H kaɗai ke ɗaukar fomula:

```
E2: =C2/1000*D2
H2: =G2-E2-F2
```

A ce kawu ya sari kayan sefa 400,000 ranar da ya sayi dubu a kan naira 2,500. Sari ya kama naira 1,000,000. Mota da lodi 40,000, ya sayar 1,150,000, riba 110,000 ke nan. To yanzu sefa ta hau 2,700, kai kuma ka gyara akwatinka guda ɗin nan, nan take sarin ya koma 1,080,000 riba ta faɗo 30,000, alhali ko kwabo bai ƙara fita daga aljihun kawu ba. Abin da ya gani ke nan ya ƙi yarda.

Amma kar ka yar da canjin yau, yana da aikinshi, kuma ni a wurina nan ne rahoto ke ceton ɗan kasuwa. Ka aje shi a K1, ka buɗe kolum I na kuɗin da za a biya in za a sake saro irin kayan yau:

```
I2: =C2/1000*$K$1
```

Alamar $ ɗin ita ke riƙe K1 kar ya zame in ka ja fomular ƙasa. Wannan 80,000 da ke tsakanin E da I a takarda riba ce, amma in kawu ya cire ta ya yi cefane, ranar da ya koma Konni kuɗinshi ba za su ɗauko yawan turamen da ya ɗauko wancan karon ba. Abin da zai iya cirewa jari bai rame ba 30,000 ne. Tun da aka saki naira a watan Yuni 2023 mutane da yawa haka jarinsu ya zube, ciniki na tafiya suna ganin riba shago kuma na raguwa. Don Allah ka nuna mishi lambobin biyu gefe da gefe.

Canjin da za ka sa a D kuwa wanda mai canji ya ba kawu ne hannu da hannu, ba na intanet ba. In sefar sarin kashi biyu aka saye ta, misali 300,000 a kan 2,500 da 100,000 a kan 2,700, kar ka ce tsakiya 2,600. Haɗa nairar da ta fita, 750,000 da 270,000 sun ba da 1,020,000, raba da 400 tunda sefa dubu-dubu guda 400 ne, canjin ya zama 2,550.

Ka kula da ƙirgar mutanen Nijar ma, da dala suke yi, dala ɗaya sefa 5 ce, in kawu ya ce maka dala ɗari to 500 za ka rubuta. Kuma lamba zalla a C, kar ka buga kalmar sefa a cikin akwatin, sunan kuɗin a kan kolum yake zama, in ba haka ba E zai nuna maka #VALUE! kuma SUM na kolum C ya tsallake layin shiru.

Ƙarshen wata ka tara E, ka gwada da nairar da aka ba masu canji bayan ka cire darajar sefar da ta rage hannun kawu. In ba su haɗu ba, fara duba D, galibi wani layi ne aka kwafo ma canjin wata rana.