Saƙon taya murnar aure daga Turanci zuwa Hausa

Tambaya: Maigidana a wurin aiki, mutumin Kudu ne, ya rubuto saƙo da Turanci in juya wa mahaifina, don an ɗaura auren ƙanena a ƙauyenmu, wajen Ringim. Ya taya murna, ya yi fatan soyayya da farin ciki har abada, da 'ya'ya masu yawa, ya ƙare da ɗaga wa ma'auratan kofi. Yaya zan yi?

Amsa: Fara da duba wanda zai saurara. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga ka, ki da ku, don haka kai ne za ka zaɓa. Tunda Baba ne, ku za ka sa daga farko har ƙarshe, kuma a buɗe da sallama da gaisuwa ko da maigidan naka bai rubuta ba. Saƙon da ya faɗo wa dattijo babu gaisuwa, kamar shiga gida ne ba sallama.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne fatan alherin. Mai Turanci cewa yake yana yi muku fatan kaza, mu kuwa Allah muke roƙa. To kowane fata ka mayar da shi addu'a. Soyayya har abada, in aka karanta wa uba a zaure gaban maƙwabta, kunya za ta sa shi sunkuyar da kai, yara su kama dariya. Abin da marubucin ke nufi shi ne auren ya ɗore, mu kuma zaman lafiya da mutu-ka-raba muke cewa. Batun 'ya'ya, zuri'a ɗayyiba ta wadatar. "Allah ya kawo ƙazantar ɗaki" magana ce mai daɗi, amma ta fi dacewa da bakin gwaggo ko abokan ango, ba baƙon da bai taɓa zuwa gidan ba. Kofin nan kuwa a cire shi, al'adar shan giya ce, addu'a ta maye gurbinsa.

Ga yadda zai fito:

"Assalamu alaikum. Baba, ina gaishe ku da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Labarin ɗaurin auren ɗanku ya iso mini, na yi farin ciki ƙwarai, ina taya ku murna. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya da haƙuri da juna, ya kaɗe fitina. Allah ya sa mutu-ka-raba ne, ya ba su zuri'a ɗayyiba. Ku kuma Allah ya ƙara girma."

Ka lura na ce ɗanku, ban kama suna ba. Da a ce angon ɗan fari ne, da wannan ya zama dole saboda alkunya. In marubucin Kirista ne, kada ka ƙara masa addu'ar Larabci da bai faɗa ba, wannan Hausar ta ishe shi. Da a ce ba a ɗaura ba tukuna, "Allah ya nuna mana lokacin" za ka sa.

Wajen aikawa, harufan ƙ da ɗ suna rage tsawon saƙon tes ɗaya daga harafi 160 zuwa 70, sai ya rarrabu. Gara ka karanta da bakinka ka tura muryar, ko ka kira Baba bayan sallar isha'i, lokacin da 'yan biki suka ragu.