Inda Kaushin Muryar Goge Yake Fitowa

"Maigida, na haɗa goge biyu da irin izga ɗaya, amma ɗaya yana da wannan kaushin murya mai kama da kukan ƙudan zuma, ɗayan kuwa muryarsa a dushe take. Ƙwarya ce take kawo kaushin, ko fata?"

Ɗana, kaushin daga tsirkiya yake farawa. Tsirkiyar goge tarin gashin wutsiyar doki ne da aka jera ba tare da an tufke shi ba, kuma duk yadda ka ɗaure shi, wani gashin zai fi wani tauri. Idan bakan da aka shafa wa ƙaro ya bi ta kansu, yakan kama su ya sake, ya kama ya sake, cikin saurin da ido ba ya gani, kowane gashi kuma yana rawarsa da ɗan bambanci da na kusa da shi. Sai dai wannan sautin siriri ne ƙwarai, domin gashi ba shi da faɗin da zai tura iska.

Fata ce take fito da shi fili. Jaki, wato ɗan itacen da ake sakawa tsakanin tsirkiya da fata, yana ɗaukar rawar tsirkiya ya sauke ta a kan fata, ita kuma fata ta motsa gaba ɗayanta kamar fuskar ganga. Abin da ya sa muke neman fatar guza shi ne ba ta da kauri kuma ba ta da nauyi, ga ta da jure ja, saboda haka tana iya bin ƙananan rawar nan masu sauri waɗanda kaushin yake cikinsu. Fata mai kauri, ko wadda ba a kankare bayanta sosai ba, takan haɗiye su, sai a ji murya amma babu kaifi. Ni a ganina, kuskuren da ya fi yawa a hannun masu koyo shi ne tsoron ja: sukan ɗora fatar da danshinta, su buga ƙusoshi a jere suna zagayawa, sai gefe ɗaya ya ɗame, ɗayan ya saki. Ka buga ƙusa a nan, ka ja, ka buga ta biyu a daidai kishiyarta, haka har ka rufe bakin, sannan ka bar ta ta bushe a inuwa.

Aikin ƙwarya kuwa shi ne ta riƙe fatar kam, ta kuma tara iska a ƙarƙashinta. Ƙwarya mai faɗin kamar taƙi ɗaya, wadda ta ƙosa ta bushe sarai, tana ƙara wa muryar jiki ba tare da ta danne kaifinta ba, kuma kafar da muke hudawa a gefen fata ita ce take barin iskar ta shiga ta fita. Ka toshe kafar da yatsa yayin da kake gogawa, za ka ji muryar ta shaƙe nan take.

Bara, cikin watan Agusta, wani makaɗi daga Rigasa ya kawo mini gogensa yana kukan cewa muryarsa ta mutu, kuma akwai wata ƙara da ba ta yi masa daɗi. Na ƙwanƙwasa fatar da farce, sai ta amsa a dushe kamar jiƙaƙƙen kwali, na kuma ga ƙafafun jaki sun lotsa cikinta. Wannan aikin damina ne, domin fata tana shan danshin iska ta saki. Na kara ta nesa kaɗan da garwashi ina jujjuyawa har ta yi ɗumi a tafin hannu, kaifin ya dawo. Amma ƙarar ba ta tafi ba, kuma na lura tana fitowa ne a kan sauti ɗaya kawai, alhali kaushi na gaskiya yana bin duk inda yatsa ya taɓa. Na riƙa danna ƙwaryar wuri-wuri yana gogawa, da babban yatsana ya kai bakin ramin da sanda take ratsawa, ƙarar ta ɗauke. Tsaga ce siririya kamar gashi, bakunanta biyu suna bugun juna. Na cika ta da gam, na ɗaure da zare har kwana biyu.

Naka mai dushewar, ka fara da ƙwanƙwasa fatarsa a wurare huɗu, ka ji ko amsarsu ɗaya ce. Idan ɗaya ce, ka matsar da jakin daga tsakiya zuwa gefe da faɗin yatsa guda, domin fata ta fi tauri kusa da bakin ƙwarya, kuma a nan kaifi yake ƙaruwa. Idan hunturu ya shigo, kada ka kai shi kusa da wuta ko ka bar shi a rana, domin a lokacin fatar ta riga ta ɗame da kanta, ɗumi kaɗan zai iya yaga ta daga bakin kafar.