Harajin da ke cikin farashi ba a cire shi da kashi 7.5

"Maigida, makarantar nan ta biya mu naira 215,000 kuɗin ƙofofi, har da haraji a ciki. Na buga kashi 7.5 cikin ɗari na kuɗin ya ba ni 16,125, amma a littafi ka rubuta 15,000. Ina ce haraji kashi 7.5 ne? Ina sauran 1,125 ta shiga?"

Kalkuletarka ba ta yi ƙarya ba, ɗana, kashi 7.5 na 215,000 shi ne 16,125 daidai. Inda aka samu matsala shi ne kuɗin da ka ɗora kason a kansa. Zo ka zauna mu bi cinikin daga farko.

Da muka yi lissafin aikin nan, muka haɗa ƙarfe da fenti da wutar walda da kuɗin hannu da 'yar ribarmu, kuɗin ƙofofin ya tsaya a 200,000. Wannan shi ne farashinmu. Doka ta ce a ɗora harajin sayen kaya, wanda kake gani an rubuta VAT a rasit, a kan wannan farashin. Kashi 7.5 na 200,000 shi ne 15,000. Ka haɗa su biyu, ka samu 215,000 da aka turo mana. Ka ga ke nan kuɗin da ya shigo hannunmu ya riga ya goyo harajin a bayansa. Da ka sake buga kashi 7.5 a kansa gaba ɗaya, ka buga a kan 200,000 namu, ka kuma buga a kan 15,000 na gwamnati. Ɗauki kalkuletar ka nemo kashi 7.5 na 15,000. Nawa ta ba ka? 1,125. To ga kuɗinka da kake cigiya. Haraji ne ka ɗora wa haraji, kuma babu wanda ya ce a yi haka.

Ka tuna yadda muke auna ƙofa. Idan magini ya ba ka faɗin gurbin da ya bari a bango, ka san firam yana cikin awon, ba za ka yanka ƙyaure da wannan faɗin ba. Farashin da ke ɗauke da haraji shi ne gurbin, farashinmu shi ne ƙyauren.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne wannan: idan ka ɗauki farashinmu a matsayin kashi 100, kuɗin da mai saye ya biya ya zama kashi 107.5. Harajin kuwa yana nan a 7.5 ɗinsa. Saboda haka a cikin abin da mai saye ya biya, rabon gwamnati 7.5 ne cikin 107.5, wanda bai kai ko kashi 7 cikin ɗari ba, ya tsaya wajen 6.98. Kuɗin harajin bai motsa ba, naira 15,000 ce ko ta ina ka duba. Abin da ka gwada shi da shi ne ya ƙaru, sai kasonsa ya ragu.

Shi ya sa idan za ka fito da haraji daga kuɗin da yake ciki, rabawa ake yi. Ga yadda za ka danna:

```
215000 ÷ 1.075 = 200000
215000 − 200000 = 15000
```

Na farko ya ba ka farashinmu, na biyu ya ba ka harajin. In wayarka ta mutu kana gaban mai saye, akwai hanyar yin lissafin da ka. Kashi 7.5 cikin 107.5 daidai yake da 3 cikin 43. Raba kuɗin gida 43, gida 3 na gwamnati, gida 40 namu. 215,000 gida 43 ya ba ka 5,000 kowane gida, uku daga ciki 15,000 ke nan.

Kuma kada ka rufe littafi sai ka gwada amsarka, domin wannan kuskuren yana tona kansa da kansa. Da mun bi naka lissafin, mun cire 16,125 daga 215,000, saura 198,875 a matsayin farashinmu. Yanzu mayar masa da harajin, wato ka ninka da 1.075. Zai ba ka 213,790 da 'yan kwabbai. Bai koma 215,000 ba, alhali ita ce aka biya mu. Duk lissafin da ka cire haraji, ka mayar, bai dawo da kai inda ka taso ba, to akwai gyara a cikinsa.

Na san inda mutane suka samo wannan ɗabi'a. Shekara da shekaru harajin nan kashi 5 ne a Najeriya, sai a watan Fabrairun 2020 aka mai da shi 7.5. A wancan lokacin idan mutum ya buga kashi 5 a kan 105,000 zai samu 5,250 maimakon 5,000, sai a ce ai naira 250 ce, a wuce wurin. Amma gwargwadon girman kason, gwargwadon girman ɓarnar. 'Yan uwanmu masu walda a Maraɗi da Damagaram kashi 19 suke ɗorawa. A can, aikin da aka biya sefa 119,000 har da haraji, harajinsa 19,000 ne, mai bugawa irin taka kuwa zai samu 22,610. Sefa 3,610 ta fita daga guminsa a aiki ɗaya tak. Mu ma nan, 1,125 a kan ƙofofi kaɗan ne, to ka kwatanta kwangilar tagogin gini guda ta miliyoyi. Wannan rarar kuma daga aljihunmu take fita, domin mai saye ba zai ƙara ko sisi a kan abin da aka yi ciniki ba.

Akwai wani wuri da abin ya fi cizo, kuma shi ne na fi so ka kula da shi, wato la'ada. Ka ce wani ne ya kawo mana aikin makarantar nan, muka yi da shi za a ba shi kashi 5. Idan ya zo karɓa, da takardar 215,000 zai zo, ya ce haƙƙinsa 10,750. Idan aka buga a kan farashinmu kuwa, 10,000 ne. Wannan 750 ta tsakiya la'ada ce a kan kuɗin gwamnati, kuɗin da amana ne kawai a hannunmu, kuma gwamnati ba za ta rage mana nata don mun sallami dillali ba. Ban ce dillalin macuci ne ba, yawanci shi ma adadin da ya gani a takarda ya kama. Maganin abin a bakin ciniki yake: tun kafin a sa hannu ka ce masa kashi 5 na kuɗin aiki, ban da haraji, a rubuta haka.

Ragi kuwa nasa da sauƙi. Idan shugaban makarantar ya nemi a rage masa kashi 10, ko ka rage kafin haraji ko bayan haraji, abin da zai biya ɗaya ne, 193,500. Sai dai ka lura, 21,500 da ta sauka ba duka daga wurinmu ta fita ba. Namu 20,000 ne, 1,500 kuma daga harajin, tunda yanzu farashin ya koma 180,000, harajinsa 13,500. Idan ka bar 15,000 a littafi bayan ka yi ragi, ka sake biyan abin da ba ka karɓa ba.

Saboda haka daga yau duk takardar farashi da za ka rubuta a shagon nan, layi uku za ka yi mata: kuɗin aiki, haraji, jimla. In kuma wani ya kira a waya ya ce nawa ne ƙofa, ka faɗa masa ƙarara ko kuɗin da ka ambata har da haraji ne ko ban da shi, domin rabin rigimar da ake yi da akantocin ma'aikatu daga nan take tasowa: kai kana nufin 200,000 sai an ɗora, shi kuma ya rubuta 200,000 ke nan duka. In ya tafi a haka, farashinka ya koma wajen 186,047 ba tare da ka sani ba. Ɗauko rasit ɗin watan jiya ka bi su ɗaya bayan ɗaya da rabawar nan, wanda bai dawo daidai ba ka ware min shi gefe.