Kuɗin cefane da na makarantar yara: shin ɗawainiyar shago ne?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da shagon kayan masarufi, ina saro kaya a kasuwar Singa da ke Kano. Yayana yana so ya ba ni jari in juya mu raba riba, sai ya ce in fara nuna masa lissafin shekara guda. Na kai wa wani akanta littattafaina, ya duba, ya rubuto mini takarda. Ga abin da ya tsaya mini a rai: "Alhaji, na cire naira 2,000,000 daga shafin ɗawainiyar shago. Kuɗin cefanen gida ne, da na makarantar yara, da ragon layya, da gudummawar biki. Waɗannan ba shago ne ya ci su ba, kai ka ɗiba. Saboda haka ribarka ta bara naira 2,200,000 ce, ba 200,000 da ka rubuta ba."

Malam, shagon nan nawa ne ni kaɗai. Ciyar da iyali wajibi ne a kaina, kuma in ban ci ba ba zan iya buɗe shagon ba. Ta yaya za a ce cefane ba ya cikin ɗawainiyar kasuwanci? Shin wannan rabewar tana da asali a shari'a, ko kuwa tsarin 'yan boko ne kawai? Kuma na yi laifi a shekarun da na yi ina rubutawa haka?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, akantanka yana kan daidai, kuma kai ma ba ka ci haram ba. Maganganun biyu ba sa karo. Dukiyar shagon taka ce, kana da ikon ka ɗebi abin da ka so ka kai gida, kuma za ka sami lada a kai. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, cewa ana ba mutum lada a kan ciyarwar da ya yi don Allah, har lomar da ya sa a bakin matarsa. Akanta bai hana ka ɗiba ba. Abin da ya hana shi ne ka kira ɗibar da sunan da ba nata ba.

Ɗawainiyar shago ita ce kuɗin da aka kashe domin ciniki ya gudana: hayar shago, albashin yaron shago, man janareta, kuɗin dako, ledar zuba kaya. Waɗannan ana cire su kafin a san riba. Cefane kuwa ana yin sa ne daga ribar bayan ta samu, ko daga uwar kuɗi idan ba ta samu ba. Akwai ma'auni mai sauƙi da nake ba 'yan kasuwa: da za ka rufe shagon gobe, wane kuɗi ne zai tsaya, wane ne zai ci gaba? Haya za ta tsaya, albashin yaro zai tsaya. Tukunyar gida ba za ta tsaya ba, makaranta ma ba za ta daina neman kuɗin zango ba. Duk abin da zai ci gaba bayan an rufe shago, naka ne, ba na shago ba. Wannan ya amsa hujjar da ka kawo ta cewa in ba ka ci ba ba za ka fita ba: ai kana cin abinci tun kafin ka buɗe shago, kuma ranar da ba ka fita ba ma kana ci.

Game da cewa tsarin boko ne, a'a. Malamanmu sun yi wannan rabewar tun a ƙarni na 2 bayan hijira. A Muwaɗɗa, a babin cinikin murabaha, wato inda mai sayarwa yake faɗin nawa kaya suka tsaya masa sannan ya ɗora riba sananniya, Imamu Malik ya bayyana cewa kuɗin ɗauko kaya ana lissafa shi a cikin asalin farashi, amma abin da ɗan kasuwa ya ciyar da kansa da shi ba a sa shi a ciki. Ka ga nan an raba tsakanin abin da kaya suka ci da abin da mai kaya ya ci, kuma shi ne dai abin da aka rubuto maka.

Idan kai kaɗai ne, kuma ba wanda ka nuna wa littafin don ya dogara da shi, kuskuren rubutun ba zunubi ba ne. Ba ka zalunci kowa ba. Cutarwar a kanka take tsayawa, kuma ba ƙarama ba ce. Mutumin da yake ganin ribarsa 200,000 ce a shekara zai iya cewa kasuwar ba ta ci, ya ƙara farashi ya kori masu saye, ko ya rage albashin yaro, alhali shagon lafiyarsa ƙalau, hannun mai shi ne ya yi tsawo. Mafi muni shi ne akasin haka: shekarar da riba ta tsaya a 1,500,000 kai kuma ka ɗebi 2,000,000, ka cinye 500,000 daga jari ba tare da ka sani ba. Alamar ita ce kantar shago tana ramewa, kana komawa Singa da kuɗin da ba su kai na sarin baya ba, ka fara karɓar kaya bashi, kana ɗora wa tsadar kaya laifi.

Hukuncin yana canjawa ne daga ranar da haƙƙin wani ya shiga, kuma yayanka yana bakin ƙofa. Abin da kuke shirin yi shi ne ƙiradi, wanda ake kuma kira mudaraba: shi da kuɗi, kai da aiki, riba a raba bisa kason da kuka yarda. Mu ɗauki alƙaluman baranka, mu ƙaddara da jarinsa kaɗai ka yi shekarar, rabo kuma rabi da rabi. Ribar gaskiya 2,200,000 ce, kowa yana da 1,100,000. Amma bisa littafinka za ka ce masa riba 200,000 ce, ka miƙa masa 100,000, ya yi maka godiya ya sa maka albarka. Naira 1,000,000 daga haƙƙinsa ta tafi a tukunyarka da ragonka. Lissafin da shari'a za ta yi shi ne: kasonka 1,100,000, ka riga ka ɗebi 2,000,000, don haka ba ka da komai a cikin 200,000 da ta rage, kuma ana bin ka 900,000. Wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna wanda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana, ko da ba ka yi nufin sata ba. Rashin nufi yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke biya. Na sha zama sulhu tsakanin 'yan uwa a kan irin wannan, kuma ban cika samun wanda ya yi niyyar cuta ba. Aljihu ɗaya kawai aka yi wa kuɗi biyu.

Akwai togiya guda, kada wani ya faɗa maka rabinta. A mazhabar Malik, mai juya jarin ƙiradi yana da abincinsa daga dukiyar idan ya yi tafiya saboda ita, kuma dukiyar tana da yawan da za ta ɗauki hakan. Tufafi kuwa sai a doguwar tafiya. Haka Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, kuma a wurin ya ce ba a raba riba sai uwar kuɗi ta dawo tsaba. To idan ka tafi Legas saro kaya, kuɗin mota da masauki da abincinka na hanya, gwargwadon al'ada, na dukiyar ne. Idan kana zaune a garinka kana kwana a gidanka, ba ka da ko sisi, balle iyalinka. Kada kuma ku ce a yanka maka albashi tsayayye kowane wata a kan kasonka, domin sharaɗin wani adadi keɓantacce ga ɗayanku yana ɓata ƙiradi. Idan kason rabi ba zai riƙe gidanka ba, ka nemi ya ƙara maka kason tun farko, ko ka riƙa cin abinci daga naka jarin. Tun da kuma kuɗinsa za su haɗu da naka a shago guda, ku ƙirga kayan da ke kan kanta ranar da zai zuba, ku rubuta nawa ne naka nawa ne nasa, saboda riba za a fara kasa ta bisa yawan jarin kowa, sannan ku raba ta ɓangarensa.

Ko kafin a ƙulla, littafin da za ka nuna masa dole ya zama na akanta, ba tsohon naka ba, domin a kansa zai gina shawararsa. Haka idan hukumar haraji ce ko mai son sayen shagon: sa cefane a shafin ɗawainiya don riba ta yi ƙasa, bayan ka sani, ƙarya ce rubutacciya.

Zakka kuwa, wasu suna zaton a kan riba ake fitar da ita, sai su ce bana ba riba, ba zakka. Ba haka ba ne. Mai shago irinka, wanda kayansa ke shiga suna fita kullum, yana yi wa kayan da ke hannunsa ƙima idan shekara ta zagayo, ya haɗa da tsabar kuɗinsa da bashin cinikin da yake sa ran za a biya shi, ya cire bashin da ake bin sa idan ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa, sannan ya fitar da kashi 2.5 cikin 100 idan ya kai nisabi. Abin da ka ɗiba ka kashe kafin ranar ba shi da zakka. Abin da ka ɗiba ka ajiye a asusunka na banki kuwa yana nan a cikin lissafi, domin sauya masa mazauni bai fitar da shi daga mallakarka ba. Ita kanta zakkar, da layya, da sadakar Juma'a, ibadarka ce, a shafinka za a rubuta su.

Abin da za ka yi a aikace kaɗan ne. Ka ware shafi ɗaya a bayan littafi da sunanka. Duk abin da ka ɗauka ka rubuta a nan da kwanan wata, har buhun shinkafa da katan ɗin taliya da ka aika gida. Su kuma ka rubuta su a kan farashin da ka saro, ba wanda kake sayarwa ba, tun da mutum ba ya cin riba a kan kansa. Nan ne mafi yawan masu shagon masarufi suke zubewa, saboda kaya ba sa kama da kuɗi a ido. Abin da yake na tarayya, kamar man babur ɗin da kake kai kaya da shi kuma kake kai yara makaranta, ko katin waya, ka ƙiyasta da adalci ka raba, ka gaya wa yayanka ƙiyasin ya yarda. Abincin rana da kake ba yaron shago ɗawainiyar shago ne idan yana cikin ladan aikinsa, naka kwanon kuwa na shafinka ne ko da tare kuka ci.

Shekarun baya da kake kai kaɗai, babu komai a kanka ta wannan fuskar. Sai dai idan akwai shekarar da ka bar zakka saboda littafi ya nuna maka ba riba, to ka ƙiyasta abin da ke hannunka a lokacin ka fitar yanzu, domin bashi ce da ba ta faɗuwa da wucewar lokaci.

Wallahu a'alam.