Yadda Ake Maido da Bayanan Jiya Idan Sabuntawar Dare Ta Ɓata Dashbod

Tambaya: Dashbod ɗin cinikinmu yana karatu ne daga PostgreSQL, kuma yana sabunta kansa ƙarfe 2 na dare. Ran nan muka wayi gari rabin alƙaluman sun ɓace, har azahar muna fama. Ta yaya zan riƙa adana na baya, don in maido da su nan take?

Amsa: Akwai yiwuwar aikin naka na dare yana share teburin da `TRUNCATE` ne, sannan ya zuba sabbin bayanai a wuri guda. Idan haka ne, duk daren da tushen bayanan ya turo rabi, ka riga ka zubar da mai kyau kafin ka san abin da ya shigo. Maganin shi ne kowace sabuntawa ta gina nata teburin mai ɗauke da kwanan wata, kamar `ciniki_20250314`, dashbod kuma kada ya taɓa karanta teburin kai tsaye. Ya karanta `VIEW` guda mai suna `ciniki_yanzu`, wanda aikinsa kawai nuna teburin da ka amince da shi.

A ce na ranar 14 ya fito da matsala. Komawa na ranar 13 umarni ɗaya ne, kuma ba ya kwafar ko layi ɗaya, shi ya sa girman teburin ba ya ƙara masa lokaci:

```sql
CREATE OR REPLACE VIEW ciniki_yanzu AS
SELECT * FROM ciniki_20250313;
```

Amma abin da ya fi maidowa shi ne hana gurɓataccen ya kai ga idon manaja. Kafin aikin dare ya juya `ciniki_yanzu`, ya gwada sabon teburin da na jiya. Idan jiya layuka 480,000 ne, yau kuma aka samu 212,000 a teburin da kullum ƙaruwa yake yi, to an yanke ɗaukowar a tsakiya. Idan sun kai 960,000, an zuba sau biyu, kuma ƙirga lambobin rasit da suka maimaitu zai tabbatar maka. A duba kuma kwanan wata mafi sabo a ciki, domin tebur na iya cika tsaf alhali bayanan shekaranjiya ne. Ni dai ina ganin raguwar da ta wuce kashi 5 cikin 100 ta isa a dakatar a aiko da saƙo. Sai dai idan teburin na cinikin yini ɗaya ne kawai, gwada shi da irin ranarsa ta makon jiya, in ba haka ba duk ranar da kasuwa ba ta ci ba ƙararrawa za ta yi ta bugawa har mutane su daina kula ta.

Inda wannan tsari ya fi cin mutane shi ne canjin ginshiƙai. `CREATE OR REPLACE VIEW` yana yarda a ƙara ginshiƙi a ƙarshe, amma ba ya yarda a rage. Saboda haka idan na ranar 14 ya zo da sabon ginshiƙi, komawa na ranar 13 zai tsaya da saƙon `cannot drop columns from view`. A nan sai ka yi `DROP VIEW` da `CREATE VIEW` tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`, don kada mai kallo ya tarar da fili. Ka tuna izinin karatu yana tafiya tare da wanda aka goge, dole ka sake `GRANT SELECT` a ciki, in ba haka ba dashbod zai fito da kuskuren izini.

Batun nawa za a ajiye, lissafi ne mai sauƙi. Na kwana 7 da na ƙarshen mako 4 sun zama tebur 11. Idan kowanne gigabait 2 ne, gigabait 22 ke nan. Ka buɗe ƙaramin tebur da ke rubuta sunan kowane kwafi, yawan layukansa, da ko ya ci gwaji, sannan mai sharewa ya ƙirga masu kyau kaɗai. Rashin haka ne ke sa mako guda na gurɓatattu ya kori na kirki na ƙarshe. Kuma kada ka sa `CASCADE` a umarnin sharewa. Ba tare da shi ba, PostgreSQL zai ƙi goge teburin da `ciniki_yanzu` ya dogara da shi. Da shi kuwa, har `VIEW` ɗin zai tafi.

Bayan ka maido, dakatar da aikin daren har a gyara tushen, musamman idan ɓarnar ta tsallake gwajinka, domin ƙarfe 2 na yi zai sake ɗora irinta. Sannan idan Power BI kake amfani da shi a tsarin `Import`, yana riƙe da nasa kwafin, juya `VIEW` ba zai canza komai a allo ba sai ka danna `Refresh now`. Ka sa sunan teburin da ake karantawa ya bayyana a saman dashbod, don mai kallo ya san alƙaluman ranar 13 yake gani, ba na yau ba.